Kusurwa da Gangara: Yadda Ake Karanta Zanen Matatar Sauti

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da manyan lasifikoki a wajen biki ko wa'azi zai lura cewa akwai akwatin da aikinsa fitar da kakkaurar murya kawai, irin wadda mutum ke ji tana dukan ƙirjinsa. Abin da ke hana siraran sautuka shiga wannan akwati ana ce masa filta, ko matata. Aikinta ta bar sauti mai ƙarancin firikwensi ya wuce, ta danne mai yawa. Firikwensi kuwa shi ne yawan zagayen da sigina ke yi a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma da haz ake auna shi, kamar yadda masu sauraron rediyo suka saba jin kilohaz da megahaz.

Mutane da yawa, har da wasu masu gyaran rediyo da amfilifaya, suna ɗauka cewa idan an ce matata tana yanka a haz 1000, to duk abin da ya haura nan ya mutu ke nan. Ba haka ba ne. Matata mai sauƙi ba ta yanke sauti farat ɗaya, a hankali take rage shi. Hanya mafi kyau ta ganin hakan ita ce zane biyu da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya, na ƙarfi a sama, na jinkiri a ƙasa. Suna ɗauke da sunan Hendrik Bode, injiniyan ɗakin bincike na Bell a Amurka, wanda ya tsara wannan hanya a shekarun 1930, littafinsa a kan fannin kuma ya fito a 1945.

Mu haɗa matatar da kayan da ake samu a kowane shagon gyara. Ana buƙatar resista ɗaya mai om 1600 da kondensa ɗaya mai nanofarad 100, wato ƙaramar nan da aka rubuta 104 a jikinta. Sigina zai shiga ta resista, kondensa kuma ta haɗa ɗayan bakin resistar da ƙasa, sannan a ɗauki abin da ya fito daga ƙafafun kondensar. Shi ke nan, babu wani abu bayan waɗannan biyu.

Sirrin yana ga halin kondensa. Resista ba ruwanta da firikwensi, turjiyarta om 1600 ce ko yaushe. Ita kuwa kondensa, turjiyarta raguwa take yi idan firikwensi ya ƙaru. A haz 100 tana kusan om 16,000, ninki goma na resistar, don haka kusan duk siginar na bayyana a kanta, ya fita lafiya. A haz 10,000 ta sauka zuwa kusan om 160, sai ta riƙa zubar da mafi yawan siginar zuwa ƙasa. A tsakanin waɗannan akwai wurin da turjiyar su biyun ta zo daidai, kuma nan ne kusurwar. Lissafinta shi ne:

```
fc = 1 / (2πRC)
```

Idan aka sa lambobinmu, amsar tana fitowa kusan haz 995, sai mu ce kilohaz ɗaya.

Kafin a karanta zanen, dole a fahimci layinsa na kwance, domin nan ne baƙo ke fara ɓata. Ba a jera firikwensi kamar a kan rula, inda tazarar 1 zuwa 2 take daidai da ta 2 zuwa 3. A nan kowane taki ninki goma ne. Tazarar haz 10 zuwa 100 daidai take da ta 100 zuwa 1000, daidai take da ta 1000 zuwa 10,000. Wannan yana da wani sakamako da ke rikita mutane: tsakiyar takin da ke tsakanin 1000 da 10,000 ba 5000 ba ce, kusan 3200 ce. Layin tsaye kuma da desibel ake auna shi:

```
dB = 20 × log10(Vout / Vin)
```

Ba sai mai karatu ya iya wannan lissafi ba. Ya isa ya riƙe cewa sifili na nufin abin da ya shiga shi ya fita, -6 na nufin rabi, -20 na nufin kashi ɗaya cikin goma, -40 kuma kashi ɗaya cikin ɗari.

To, a zanen ƙarfi, idan ka taso daga hagu, za ka ga layi a miƙe a kan sifili. A haz 100, in ka sa bolt ɗaya, kusan bolt ɗayan zai fito. Sai layin ya fara sunkuyawa. A haz 500 ya sauka da desibel ɗaya, wato bolt 0.89. A haz 1000, kusurwar kanta, ya sauka da desibel uku, abin da ke fita kuma bolt 0.707 ne. A haz 2000 ya kai -7, bolt 0.45. Daga nan lanƙwasar ta ƙare, sai layin ya miƙe yana gangarowa ba tare da canza hali ba.

Wannan lamba ta 0.707 ta cancanci a dakata a kanta. Mai hankali zai ce, tunda turjiyar resista da ta kondensa sun zo daidai, ai kamata ya yi su raba bolt ɗayan rabi da rabi. Da resista biyu ne, haka za a yi. Amma wutar da ke kan kondensa da wadda ke kan resista ba sa kaiwa ƙololuwa a lokaci ɗaya, akwai rubu'in zagaye a tsakaninsu. Saboda haka ba a tara su kai tsaye, ana haɗa su ne yadda ake haɗa gefe biyu na alwatika mai kusurwar digiri 90 don samun dogon gefen. Idan ka auna a kusurwar za ka sami 0.707 a kan resista, ka sami 0.707 a kan kondensa, alhali abin da ka sa bolt ɗaya ne. Abin da ya zama rabi a wannan wuri shi ne ƙarfin aiki, domin shi yana tafiya da bolt sau bolt, 0.707 sau 0.707 kuwa rabi ne.

Gangarar ita ce ke gaya maka irin matatar da ke gabanka. Mai resista ɗaya da kondensa ɗaya tana sauka desibel 20 duk sa'ad da firikwensi ya ninka goma. A kilohaz 10 tana -20, a kilohaz 100 tana -40. Masu aikin sauti sun fi faɗinsa da wata siga, su ce desibel shida duk ninki biyu, amma gangara ɗaya ce. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne a auna ta nesa da kusurwar. Tsakanin haz 1000 da 2000 desibel huɗu kawai ta sauka, kuma wanda ya auna a nan zai zaci matatar ta fi yadda take rauni.

Ni a ganina, hanya mafi aminci ta gano kusurwa a kan zane ba neman -3 da ido ba ce, domin lanƙwasar tana da faɗi, kuma ƙaramin kuskure a tsaye yana zama babba a kwance. Gara ka ɗora rula a kan shimfiɗaɗɗen layin hagu, ka ja shi zuwa dama, sannan ka ɗora a kan gangarar, ka ja ta zuwa sama. Inda layukan biyu suka haɗu, nan ne kusurwar, ainihin zanen kuma yana desibel uku a ƙasan mahaɗar. Ko babu zane ma, awo ɗaya a can cikin gangarar ya wadatar. Idan a kilohaz 20 bolt ɗaya ya koma 0.05, ninka 20 da 0.05, ka sami kilohaz ɗaya.

Zane na biyu shi ne wanda aka fi watsarwa, kuma ban ga dalili ba. Kondensa tana ɗaukar lokaci kafin ta cika ta resista, don haka siginar da ke fita yana biyo bayan wanda ya shiga. Ana auna wannan jinkiri da digiri, inda cikakken zagaye yake 360. A haz 100 jinkirin kusan digiri shida ne, a kusurwar 45 cif, a kilohaz 10 kusan 84. Yana ta matsowa kusa da 90 amma ba ya ƙetarewa. Duba abin da ke faruwa a haz 100: zanen ƙarfi yana nuna kamar babu matata sam, amma jinkiri ya riga ya soma. Wannan ya sa masu ƙera amfilifaya mai mayar da wani kaso na sigina baya suke sa masa ido sosai, domin idan jinkirin matakai da yawa ya taru ya kai digiri 180 alhali siginar na da sauran ƙarfi, na'urar za ta iya fara kuka da kanta.

Auna shi a osiloskof abu ne mai sauƙi. A haz 1000 zagaye ɗaya yana cin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Digiri 45 kashi ɗaya cikin takwas ne na zagaye, wato maikirosakan 125. Idan ka ga wannan tazara tsakanin layin shiga da na fita, a kan kusurwar kake, ko me ma'aunin ƙarfi ya ce.

Amfanin wannan shaida ta biyu yana bayyana idan aka jona matatar da wata na'ura. A ce abin da ke karɓar siginar yana da turjiya om 1600. Abu biyu za su canza tare. Shimfiɗaɗɗen layin zai sauko daga sifili zuwa -6, domin resistocin biyu sun raba wutar. Kusurwar kuma za ta gusa zuwa kilohaz biyu, domin yanzu kondensa om 800 take gani. Wanda ya haddace cewa kusurwa tana a -3 zai yi ta nema bai gani ba, tunda layin tun farko a ƙasa da haka ya tashi. Desibel ukun daga shimfiɗar ake ƙirga su, wato a nan kusurwar tana a -9, kuma jinkirin digiri 45 zai nuna wurin ba tare da ruɗani ba.

Akwai wasu alamomin da zanen ke bayarwa. Idan gangarar ta kai desibel 40 a ninki goma, jinkiri kuma ya haura 90, to akwai mataki na biyu a cikin da'irar, ko da gangan aka sa shi ko ya ɓuya a wani wuri. Idan kusurwar ta kauce da kashi goma ko ashirin cikin ɗari daga lissafi, sau da yawa kondensar ce, domin masu araha ba kasafai suke zuwa daidai da lambar jikinsu ba. Sannan a yi hattara da ƙaramar mitar gwaji ta hannu. Da yawansu an yi su ne don wutar gida mai haz 50, kuma idan firikwensi ya kai kilohaz da yawa sai su riƙa nuna ƙasa da gaskiya, har mutum ya ɗora wa matatarsa gangarar da ta mitar ce.

Ga mai haɗa akwatin kakkaurar murya, lissafin yana da ma'ana kai tsaye. Idan ya sa matata mai mataki ɗaya da kusurwa a haz 100, sautin haz 300, wanda ke cikin muryar mutum, desibel goma kawai zai ragu, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na wutarsa zai wuce, kuma za a ji maganar mai magana tana fita ta akwatin. Sauke kusurwar ƙasa zai rage muryar, amma zai cinye wani ɓangare na kaurin da ake nema. Maganin shi ne gangara mai tsini, desibel 12 ko 24 a ninki biyu, kuma wannan yana buƙatar matakai biyu ko huɗu.