Babban yatsa ɗaya, dala 82,000

A watan Maris na 2021, wakilin wani kamfanin sayen hatsi a lardin Saskatchewan na Kanada ya ɗauki hoton takardar ciniki ya tura wa wani manomi ta waya. Takardar ta ce manomin zai kawo tan 87 na filakis, wata ƙwaya da ake matsar mai daga gare ta, a watan Nuwamba, kan dala 17 kowane ma'auni. Ya haɗa da saƙo cewa a tabbatar da cinikin. Manomin bai rubuta ko harafi ba. Alamar nan ta ɗaga babban yatsa kawai ya mayar.

Kafin Nuwamba farashi ya kai dala 41, kaya kuma ba su zo ba.

A kotu manomin ya ce yatsan na nufin saƙo ya iso, ba wai ya sallama ba. Alƙali bai tsaya kan siffar alamar ba, sai ya bi tarihin hulɗarsu. An taɓa tura wa manomin irin wannan takarda sau da dama, yana amsawa da 'yan kalmomi masu ma'anar "to" ko "ya yi", kuma kowane karo yana kawo kaya. Lambar wayarsa ta nuna wanda ya aiko, al'adarsu ta nuna abin da yake nufi. A 2023 kotu ta ce yatsan ya zama amincewa, ya kuma zama sa hannu, ta umarci a biya diyyar kimanin dalar Kanada 82,000. Duk ɗan kasuwar da ya saba ƙulla cinikin buhuna ta WhatsApp ya san yadda irin wannan amsa take fita ba tare da dogon tunani ba.

Haka lamarin yake a imel. Abin da alƙalai ke nema shi ne tayi, karɓa, abin musaya, da niyyar ɗaure kai. A Ingila, a shari'ar Golden Ocean ta 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta haɗa jerin saƙonnin imel ta ce sun isa rubutacciyar yarjejeniyar lamuni, sunan farko na dillali a ƙasan saƙo kuma ya isa sa hannu. Amma a shari'ar Mehta ta 2006 an ƙi karɓar adireshin imel da ke fitowa da kansa a saman saƙo, domin ba mai saƙon ne ya sa shi da nufin tabbatar da maganarsa ba.

Sai dogayen sharuɗɗan da ake dannawa ba a karanta ba. Rashin karantawa ba ya zama uzuri, muddin an nuna wa mutum sharuɗɗan a fili ya danna "I agree" da kansa. Inda kamfanoni ke faɗuwa shi ne idan suka ɓoye su. A shari'ar Specht da Netscape ta 2002 a Amurka, mutane sun sauke wata manhaja ta danna "Download", alhali mahaɗar sharuɗɗan tana can ƙasan shafi, sai an gangara za a gan ta. Alƙaliya Sonia Sotomayor, wadda yanzu take Kotun Ƙolin ƙasar, ta ce danna maɓallin saukewa ba amincewa da abin da ba a nuna maka ba ne. Hukuncin ya yi daidai, domin ba a sallama kayan da ba a buɗe ba.

A Najeriya ma ƙofar a buɗe take. Sashe na 93 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda sa hannun na'ura ya tsaya a matsayin na biro, sashe na 17 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 kuma ya ce yana ɗaure mutum a saye da sayarwa, wanda ya yi iƙirarin an ƙaga masa shi ne zai kawo hujja. Dokar ta ware wasiyya, aure da saki, da takardun haihuwa da mutuwa daga wannan sauƙi.

Wahalar tana wajen gabatar da saƙon. Sashe na 84 yana son a bayyana na'urar da ta fitar da shi, yadda aka fitar, da cewa tana aiki lafiya a lokacin. A shari'ar Kubor da Dickson ta 2012, kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. Don haka mai ciniki ta waya ya adana ainihin saƙonnin tare da wayar, in kuma magana ba ta ƙare ba, ya rubuta ƙarara cewa ba a sallama ba tukuna.