Sunan wasa ya fito, hoto bai fito ba: yadda ake shirya kat memuwar ɗin Miyoo Mini Plus

Miyoo Mini Plus wata ƴar na'urar hannu ce da ke buga tsofaffin wasannin Game Boy, Super Nintendo da PlayStation na farko. Masu ita da dama suna ɗora mata manhajar Onion, wadda ake samu kyauta. Sai dai kukansu kusan ɗaya ne: an zuba wasanni amma jerin babu komai, ko sunaye sun fito babu hoton bango. Galibi na'urar lafiya lau take, matsalar tana cikin kat ɗin.

A fara da kat ɗin kansa. Wanda ke zuwa cikin kwali yakan lalace da wuri, saboda haka a kwafe duk abin da ke ciki zuwa ordinater, musamman dosiyen BIOS, sannan a sayi sabo. Onion na buƙatar kat mai tsarin FAT32, alhali kat mai giga 64 ko fiye yana zuwa ne da exFAT. Tagar formate ta Windows ba ta ba da FAT32 ga kat da ya wuce giga 32, don haka ake amfani da manhajar Rufus. A tuna formate yana share komai.

Sai firmuwer, wato manhajar da ke zaune cikin na'urar kanta, ba cikin kat ba. Ana ganin lambarta a Settings, ƙarƙashin Device Info. Lambobi takwas na farko kwanan wata ne: shekara, wata, rana. A gwada su da abin da takardar girka Onion ta nema. Idan sun kai, kada a taɓa komai. Idan ba su kai ba, a tabbata fishiyen na Mini Plus ne, ba na ƙaramar Mini ta farko ba, kuma kada a cire caji ana tsakar aikin, domin na'urar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Daga nan a warware zif ɗin Onion kai tsaye a bakin kat, ba cikin wani dosiye ba. A ciki akwai ɓoyayyen dosiye mai suna .tmp_update. Idan aka kunna na'urar ta buɗe tsohon fasalinta, yawanci shi ne aka bari a baya wurin kwafewa.

Bayan girkawa, ana zaɓen na'urorin da ake so a Package Manager, kowace da dosiyenta cikin Roms: GBA na Game Boy Advance, FC na NES, SFC na Super Nintendo, PS na PlayStation. Wanda ya ƙirƙiri dosiye da kansa ya sa masa SNES, wasanninsa ba za su fito ba.

Ga misali. Wani yana da wasan Golden Sun na Faransanci, ya sauko da hoton bango mai suna Golden Sun (USA, Europe).png. A idon mutum wasa ɗaya ne, amma na'urar haruffa take gwadawa, kuma ba su zo daidai ba. Ga yadda ya kamata su zauna:

```
Roms/GBA/Golden Sun (France).gba
Roms/GBA/Imgs/Golden Sun (France).png
```

Duk abin da ke gaban ɗigon ƙarshe dole ya zama iri ɗaya, har tazara da baka. Hoton ya zama PNG na gaske, faɗinsa kada ya wuce fiksel 250, tsayinsa 360. Canza wa hoton JPG suna ba ya mai da shi PNG, sai an juya shi da manhajar hoto. A kula kuma, Windows na ɓoye wutsiyar suna, har mutum ya rubuta .png sau biyu bai sani ba.

Wasannin arkad dokarsu daban ce. Fishiyen sf2.zip shi ne Street Fighter II, kuma da wannan gajeren suna manhajar ke gane shi. Idan aka canza sunan, wasan ba zai tashi ba. Hoton ne ke bin sa, ya zama sf2.png.

Saura mataki ɗaya da ake yawan mantawa. Na'urar ba ta sake duba kat duk lokacin da aka kunna ta, tsohon jerin da ta ajiye take nunawa. A shiga Games, a danna SELECT, a zaɓi Refresh all roms. Idan har yanzu sabon wasa bai fito ba, a duba ko akwai fishiye mai suna miyoogamelist.xml cikin dosiyen. In yana nan, abin da aka rubuta a cikinsa kaɗai ake nunawa. A ƙara wasan a ciki, ko a cire fishiyen, sannan a sake sabunta jerin.