Saƙon Tabbaci Bayan Rajista: Abin Da Ya Kamata Ya Ƙunsa

Jama'a, wasu daga cikinku suna tambaya game da saƙon da ke shigowa waya bayan an gama rajista. Ga bayanin yadda muke rubuta shi da yadda za ku duba shi.

Ana tura saƙon ne a ranar da aka yi rajista, tun iyali suna kusa da ofis, domin kuskuren da aka gani a ranar ya fi sauƙin gyarawa. Muna rubuta shi gajere, saboda saƙon tes ɗaya ba ya wuce haruffa 160, kuma idan aka sa haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ, sai ya koma 70. Shi ya sa za ku ga an rubuta "karfe" maimakon "ƙarfe".

Abubuwa huɗu ne ba a barin su: lambar rajistar iyali, yawan mutanen da aka rubuta, ranar dawowa da wurin, sai abin da za a zo da shi. Misali:

"An yi rajistar iyalinku. Lamba: 00000. Mutum 6. Ku dawo Talata 14 ga wata, karfe 9 na safe, ofishin rajista, da takardar shaida. Kyauta ne."

Muna haɗa sunan rana da kwanan wata, ba ma rubuta "gobe" ko "jibi". Saƙo yakan makara idan babu sabis, kuma wanda ya karanta "gobe" bayan kwana biyu zai zo a ranar da ba tasa ba.

Wurin da ya fi buƙatar lura shi ne yawan mutane. A ce uwa ta zo da 'ya'ya biyar da surukarta. Su bakwai ke nan, amma saƙo ya ce 6. Wataƙila an tsallake jaririn da ke goye. Galibi da wannan adadi ake lissafa rabon abinci da kayan tallafi, don haka ta koma ofis da saƙon da takardar shaidarta, tare da dukan iyalin, kafin ranar rabo.

Akwai abin da ba ma sawa da gangan: dalilin gudun hijira, rashin lafiya, da sunan garin da kuka baro. Mutane da yawa suna aron waya, kuma wani ne yake karanta wa wasu saƙo.

Ku sani cewa saƙon ba ya maye gurbin takardar shaida. Ku kwafe lambar a takarda, ku ajiye ta daban, ko da waya za ta ɓata. Rajista kyauta ce. Duk saƙon da ya nemi kuɗi ko katin waya ba daga gare mu yake ba, ku kai rahoto ofishin kariya.

Wanda ba shi da waya ko bai iya karatu ba, ya nemi tafinta ya karanta masa bayanan kafin ya bar teburin rajista.