Wa ke Fara Kwantawa? Yadda Azurfa ke Raba Gishiri Uku a Kofi Ɗaya

Idan aka zuba gero da wake da tsakuwa a faifai ɗaya, hannu da ido sun isa su raba su. To idan gishiri iri uku ne suka narke a ruwa ɗaya, ruwan kuma garau kamar ba a sa masa komai ba, da me za a raba su? Masana sinadarai suna da wata dabara mai bukatar haƙuri: a riƙa ɗiga ruwan naitiret ɗin azurfa a hankali, ana juyawa, har su fito ɗaya bayan ɗaya.

Ukun da muke magana a kansu 'yan gida ɗaya ne, gidan da ake kira halayid: kulorayid, wanda ke cikin gishirin miya, da buromayid, da ayodayid. Kowannensu idan ya haɗu da azurfar da ke narke a ruwa sai su ƙulle su zama gari marar narkewa, ruwan ya gurɓace, daga baya garin ya kwanta a gindin kofi kamar yadda gasara ke kwantawa a ƙwarya. Garin kulorayid, AgCl, fari ne mai gudaji kamar tsinkakkiyar madara. Na buromayid, AgBr, fari ne mai sirkin rawaya. Na ayodayid, AgI, ruwan ɗorawa ne. Akwai ɗan'uwansu na huɗu, fulorayid, amma shi ba ya shiga wannan layi, domin haɗinsa da azurfa narkewa yake yi sosai.

Cewa gari ba ya narkewa magana ce ta ido. A gaskiya kowanne yana ɗan narkewa, kuma a bambancin wannan ɗan narkewar ne dabarar ta dogara. Ga kowane gari akwai iyaka: idan aka ninka yawan azurfar da ke yawo a ruwa da yawan halayid ɗin, sakamakon ba ya iya zama a sama da wani adadi, wanda ake rubutawa Ksp. Da zarar an haura shi, gari ya fara fita. A zafin digiri 25, na AgCl kusan 1.8 × 10⁻¹⁰ ne, na AgBr kusan 5.0 × 10⁻¹³, na AgI kuwa kusan 8.3 × 10⁻¹⁷. Duk wanda adadinsa ya fi ƙanƙanta, shi ya fi riƙe azurfa da ƙarfi.

Bari mu ɗora wannan a kan kofi na zahiri. Mu ce muna da ruwa mililita 100, kowane ɗaya daga cikin ukun yana da ƙarfin mol 0.01 a lita. A saman kofin an kafa dogon bututun gilas mai ɗan famfo, cike da naitiret ɗin azurfa mai ƙarfin mol 0.1 a lita. Tambayar da za a yi wa kowane halayid ɗaya ce: azurfa nawa kake bukata a ruwan nan kafin ka fara fita? Amsar tana samuwa ta raba Ksp da yawansa. Ayodayid yana bukatar 8.3 × 10⁻¹⁵ kawai. Buromayid sai an kai 5.0 × 10⁻¹¹, wato ninki 6,000 na wancan. Kulorayid kuma sai 1.8 × 10⁻⁸, ninki 360 na buromayid. Saboda haka ɗigon farko rawaya zai haifar.

Akwai wani abu a nan da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar aikin. Ɗigo ɗaya tak daga bututun, kimanin mililita 0.05, da zai bazu a kofin ba tare da wani abu ya kama shi ba, zai kai azurfar ruwan kusan 5 × 10⁻⁵, adadin da ya haura iyakokin nan uku nesa ba kusa ba. To me ya sa duka ukun ba sa zubowa tare? Saboda ayodayid ba ya barin azurfar ta zauna. Kowane ɗigo ya sauko, sai ya cafke shi nan take, azurfar da ta rage a narke ta koma can ƙasa, inda sauran biyun ba su da abin kamawa. Muddin akwai ayodayid mai yawa a kofin, buromayid da kulorayid 'yan kallo ne.

Haka za a yi ta ɗigawa har mililita kusan 10, lokacin da ayodayid ya kusa ƙarewa. A nan ne azurfar da ke narke take tashi da sauri har ta taɓa iyakar buromayid. Nawa ne ya rage na ayodayid a wannan lokaci? A raba 8.3 × 10⁻¹⁷ da 5.0 × 10⁻¹¹, a samu kusan 1.7 × 10⁻⁶. Ma'ana, cikin kowane kashi 10,000 na ayodayid ɗin da aka fara da shi, ƙasa da 2 ne suka rage. Idan aka rufe famfo a nan aka tace, takardar tacewa za ta riƙe garin rawaya kimanin giram 0.23, ruwan da ya wuce kuma yana ɗauke da sauran biyun. Wannan rabuwa ce mai tsabta ƙwarai.

Mililita 10 na gaba na buromayid ne. Amma a ƙarshensu lissafin bai kai na farko daɗi ba: lokacin da kulorayid zai fara fita, akwai sauran buromayid kusan 2.8 × 10⁻⁵, wato kashi 3 cikin 1,000. Ba laifi a takarda. A kofi kuwa abin ya fi haka muni, domin ƙirar ƙwayoyin AgCl da AgBr iri ɗaya ce, suna iya ginuwa a cikin juna su zama gari guda gauraye. Tun kafin lokacinsa kulorayid ya fara saɗaɗawa cikin garin ɗan'uwansa. A ganina duk malamin da ya koyar da lissafin bai faɗi wannan ba, ya bar ɗalibi da rabin labari.

Yanzu a fahimci dalilin "a hankali". A daidai wurin da ɗigo ya faɗa, azurfa ta yi yawa na ɗan lokaci, duka ukun suna iya fita a wannan ɗan wuri. Idan ana juyawa kuma aka ɗan jira, ayodayid ɗin da ke ruwa yakan ƙwace azurfar daga farin garin da ya yi riga malam masallaci, kulorayid ya koma cikin ruwa. Amma idan aka buɗe famfo ya kwarara, sabon gari ya lulluɓe tsohon kafin a yi wannan musanya, abin da aka tace ya zama haɗin gambiza.

Ɗalibai da yawa sukan haddace cewa ayodayid ne farko, buromayid na biyu, kulorayid na uku, su ɗauka doka ce. Ba doka ba ce. Gaskiya ce kawai idan yawansu ya yi kusa da juna. Ruwan teku ya isa misali. Kulorayid ɗinsa ya kai kusan mol 0.55 a lita, buromayid kuma kusan 0.00084, wato kulorayid ya ninka shi sau 650. Fifikon buromayid kuwa sau 360 ne kawai. Idan aka yi rabon nan da muka yi ɗazu, kulorayid yana bukatar azurfa kusan 3.3 × 10⁻¹⁰, buromayid kusan 6 × 10⁻¹⁰. Layi ya juye: a lissafi kulorayid ne zai fara, kuma tazarar ba ta kai ninki biyu ba, don haka babu zancen raba su ta wannan hanya. Yawa ya rinjayi ƙarfin riƙo.

Akwai tarko na biyu. Kwatanta Ksp kai tsaye yana aiki ne idan garuwan suna da tsari ɗaya, azurfa ɗaya ga halayid ɗaya. Dubi hanyar da Bajamushe Karl Friedrich Mohr ya fito da ita a 1856, wadda har yau ake auna kulorayid ɗin ruwan sha da ita. Ana sa ɗan kuromet a ruwan a matsayin mai busa usur. Ksp na kuromet ɗin azurfa, Ag₂CrO₄, kusan 1.1 × 10⁻¹² ne, ƙasa da na AgCl, sai mutum ya zaci shi zai riga fita. Amma shi azurfa biyu yake bukata ga kowane kuromet ɗaya, don haka a lissafinsa ana ninka yawan azurfa da kansa. Idan kuromet ɗin mol 0.005 ne a lita, sai azurfa ta kai kusan 1.5 × 10⁻⁵ zai fito, lokacin da kulorayid ya riga ya ƙare. Bayyanar jan garinsa mai launin bulo ita ce alamar a rufe famfo.

To ta yaya mai aiki zai san wanda ke fita a kofinsa? Ido shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Rawayar farko takan rufe sauran launuka, kuma bambanta fari da mai sirkin rawaya a gurɓataccen ruwa yana da wuya. Abin da ya fi tabbas shi ne a gwada garin da aka tace da ruwan amoniya. AgCl yana narkewa a amoniya mai rauni. AgBr sai mai ƙarfi. AgI kuwa ko mai ƙarfin ba ya narkar da shi. Idan ka tace garin mililita 10 na farko, ka wanke shi da amoniya mai ƙarfi, ka zuba wa ruwan wankin asid ɗin naitirik sai ya gurɓace, ka san garinka ya kwaso baƙi. A ɗakunan gwajin da ke da kayan aiki ana tsoma wayar azurfa a kofin, a haɗa ta da ma'aunin lantarki. Karatun yakan yi tsalle sau uku, kusa da mililita 10 da 20 da 30. Tsallen farko yakan fito sarai, na tsakiya yakan zo a gajarce kuma ya ɗan makara, saboda gaurayar da muka ambata.

Sauran abubuwan da ke ɓata aiki na shiri ne. Kafin ɗigon farko ana sa ɗan asid ɗin naitirik, domin idan ruwan yana da kabonet, sinadarin da ke cikin kanwa, shi ma zai ba da gari mai ɗan rawaya ya ruɗar da mai kallo. Ba a amfani da asid ɗin haidurokulorik, tunda shi kansa kulorayid yake ɗauke da shi, kuma saboda wannan dalili ba a ɗauraye kofi da ruwan famfo sai tataccen ruwa. Hanyar Mohr ce kaɗai a nan ba ta son asid, domin yana hana jan garin fitowa. Sannan a kiyayi rana. Haske yana fasa waɗannan garuwa ya saki azurfa, farin AgCl ya koma ruwan toka mai sirkin shuɗi, halin da aka gina fim ɗin hoto na da a kansa. Shi ya sa ake ajiye naitiret ɗin azurfa a kwalba mai duhu, ana kuma sa safar hannu da tabarau: ɗigon da ya taɓa yatsa ba a ganinsa nan take, sai bayan 'yan sa'o'i wurin ya yi baƙi, kuma sabulu ba ya fitar da shi har sai fatar ta sake.