Daga Yabo Zuwa Hujja: Tsarin Wasiƙar Shaidar Malami ga Tsohon Ɗalibi Mai Neman Tallafin Karatu a Ƙasashen Waje

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wasiƙar shaida da malamin jami'a yake rubuta wa tsohon ɗalibinsa mai neman tallafin karatu a ƙetare. An dubi abin da kwamitin zaɓe yake nema a cikinta, da inda hakan ya saɓa wa salon yabo na Bahaushe, sannan aka bi misali guda daga buɗewa zuwa rufewa. Maƙalar ta nuna cewa wasiƙar tana yin tasiri ne idan kowane yabo da ke cikinta ya tsaya a kan wani aiki da malamin ya gani da idonsa.

1.0 Gabatarwa

Shirye-shiryen tallafi irin su Chevening da Commonwealth na Birtaniya, da DAAD na Jamus, da Fulbright na Amurka, suna buƙatar shaidar waɗanda suka san mai nema, galibi mutum biyu ko uku. Kwamitin da zai karanta wasiƙar yana riƙe da sakamakon jarrabawar ɗalibi da bayanin da ya rubuta game da kansa. Abin da ya rage masa shi ne ra'ayin wanda ya ga ɗalibin yana aiki. Yawanci da Ingilishi ake rubuta wasiƙar, amma tunanin da ke bayanta na marubucin ne, kuma a nan ne al'ada take shigowa. An kawo misalan wannan maƙala da Hausa domin a ga tsarin tunanin a fili.

2.0 Yabon Bahaushe da Buƙatar Kwamiti

Idan aka tambayi Bahaushe shaidar wani, kamar a binciken aure, hali yake fara ambata. A nazarinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa siffofi irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi a matsayin ma'aunin nagarta a wurin Hausawa. Malamin da ya rubuta cewa ɗalibarsa "mai kunya ce, mai ladabi da biyayya" ya yi mata yabo mai girma a ma'aunin gida.

Matsalar tana fitowa ne wajen juya waɗannan kalmomi zuwa Ingilishi. Kalmar da ta fi kusa da "kunya" a can tana nuni ga wanda ba ya iya magana a gaban jama'a. Ita kuwa "biyayya", mai karatu zai iya ɗaukar ta a matsayin rashin ra'ayin kai, alhali digiri na biyu da na uku suna neman wanda zai iya ja da abin da ya karanta. Bugu da ƙari, idan wasiƙa ta cika da yabon hali ba ta ce komai kan ilimi ba, gogaggen mai karatu yakan fahimci cewa malamin bai sami abin faɗa ta wannan fuska ba ne. Ba a cewa a jefar da hali. Abin da ake so shi ne a nuna shi ta hanyar aiki: maimakon "mai amana ce", a faɗi abin da aka danƙa mata da yadda ta riƙe shi.

3.0 Misali Daga Buɗewa Zuwa Rufewa

A ƙaddara wata ɗaliba ta kammala digirin farko a Sashen Harsunan Nijeriya, tana neman tallafin DAAD domin yin digiri na biyu a kimiyyar harshe a wata jami'ar Jamus. Ta shiga jami'a a 2019, ta fita a 2024 da matsakaicin maki 4.21, kuma ita ce ta huɗu a aji mai mutum 86. Malamin da ta roƙa ya koyar da ita darasin tsarin sauti, shi ne kuma ya duba kundinta.

3.1 Buɗewa: Wane ne Mai Shaida?

Sakin layi na farko yana amsa tambayoyi uku: wane ne marubucin, yaushe ya san ɗalibar, kuma ta wace fuska. Jimla irin "na san ta shekaru da dama" ba ta amsa ko ɗaya. Wadda ta amsa ita ce: "Na koyar da ita darasin tsarin sauti a aji uku, na kuma duba kundin digirinta na tsawon wata tara, inda muke zama sau ɗaya a kowane mako biyu." Daga wannan kwamiti zai auna nauyin duk abin da zai biyo baya. Saboda haka wasiƙar ƙaramin malami da ya duba kundi takan fi ta farfesan da bai san ɗalibar ba sai a cikin taron aji.

3.2 Fassara Maki

Maki ba ya bayyana kansa a wata ƙasa. A yawancin jami'o'in Nijeriya ma'aunin yana tsayawa a 5.00, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babban mataki na daraja ta biyu kuwa daga 3.50 zuwa 4.49. A Jamus lissafin a juye yake: 1.0 ne mafi kyau, 4.0 kuma shi ne mafi ƙarancin makin cin jarrabawa. Don haka dole a rubuta "4.21 cikin 5.00, inda 5.00 ne ƙololuwa". Haka nan maki 72 a darasi babbar daraja ce a Nijeriya, amma a idon Ba'amurke matsakaici ne.

Abin da ya fi maki amfani shi ne kwatanci. Ta huɗu cikin 86 tana nufin tana cikin kashi 5 cikin ɗari na saman aji, kuma wannan lissafi kowa yana gane shi. Sai dai malami ya tabbatar da shi daga jami'in jarrabawa na sashe, kada ya rubuta shi da ka. A nan ne kuma ya dace a bayyana dalilin da karatun shekara huɗu ya ɗauki shekara biyar da ɗoriya: rufe makarantu saboda annobar korona da yajin aikin malaman jami'o'i na 2020, da kuma na 2022 wanda ya kai wata takwas. Jimla ɗaya ta isa ta hana a zaci ɗalibar ta maimaita aji.

3.3 Zuciyar Wasiƙa: Aiki Guda

Wannan sashe shi ya cancanci rabin wasiƙar. A ce kundin ɗalibar ya dubi kalmomin Sakkwatanci irin su "zamna" da "sabka" da "abduga", waɗanda a Kananci suka zama "zauna" da "sauka" da "auduga" bisa sauyin da aka sani da dokar Klingenheben. Tambayarta ita ce ko matasan birnin Sakkwato suna riƙe da tsohon furucin. Ta ɗauki muryar mutum 24, rabi dattawa rabi matasa, a kan kalmomi 40 da ta tsamo daga ƙamusun Bargery na 1934.

Malami zai iya tsayawa a nan, amma wannan bayanin kundi ne kawai, kuma ɗalibar ta riga ta faɗe shi a takardunta. Abin da shi kaɗai zai iya shaidawa shi ne abin da ya faru a tsakiyar aikin. A ce bayan hira da mutum shida na farko, ta lura cewa idan ta miƙa musu jerin kalmomi a rubuce, furucin daidaitacciyar Hausa suke bi, domin shi ne a kan takardar. Sai ta zo wa malamin da shawarar a ajiye jerin da shi kansa ya amince da shi, a riƙa nuna hotuna ana tambayar sunan abin da ke ciki, ta kuma sake hirarrakin shida. Malamin zai rubuta: "Ita ta gano matsalar, ba ni ba, kuma ta kawo mini muryoyin da suka gamsar da ni cewa hanyar da na amince da ita tana gurɓata sakamakon." Wannan jimla ta nuna lura da haƙuri da ƙarfin halin ja da malami cikin ladabi, ba tare da an ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi ba. Gani ya kori ji.

3.4 Giɓi da Dacewa

Wasiƙar da ba ta ga wani giɓi ba takan jawo shakku. A misalinmu, ɗalibar da kunne ta tantance furuci, ba ta taɓa auna sauti da manhaja irin Praat ba, saboda sashen ba shi da ɗakin gwajin sauti. Faɗin haka ba ya rage ta, domin shi ne dalilin neman tafiyar: abin da ta rasa a gida shi ne abin da shirin yake koyarwa. Ta haka wasiƙar take ɗaure ɗalibar da wannan shiri na musamman. Idan tallafin Chevening ne, wanda yake sharɗanta ƙwarewar aiki ta shekara biyu da komawa gida bayan karatu, sai nauyin ya koma kan jagoranci da abin da za ta yi idan ta dawo. Wasiƙa ɗaya ba ta yi wa shirye-shirye biyu.

3.5 Rufewa

A rufe da hukunci bayyananne wanda malamin zai iya karewa, kamar "tana cikin ɗalibai uku mafiya ƙarfi daga cikin kusan arba'in da na duba kundinsu". Sai suna da muƙami da sa hannu da kwanan wata, a kan takarda mai tambarin jami'a. Shafi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar.

4.0 Inda Ake Tuntuɓe

Kuskure mafi yawa shi ne malami ya ce wa ɗalibi, "Je ka rubuto, in sa hannu." Ana gane irin wannan wasiƙa cikin sauƙi: salonta da kurakuranta iri ɗaya ne da na bayanin da ɗalibin ya rubuta, kuma ba ta ɗauke da kwatancin da malami kaɗai zai iya yi. Abin da ya dace ɗalibi ya kawo shi ne sakamakonsa da kundinsa da sanarwar tallafin da ranar rufewa, aƙalla mako huɗu kafin wa'adi.

Na biyu shi ne sha'anin aikawa. Shirye-shirye da yawa sukan tura wa malami saƙo kai tsaye domin ya ɗora wasiƙar da kansa, kuma jami'o'i da dama sun fi amincewa da adireshin imel na jami'a a kan na ƙashin kai. Idan malamin ba ya duba akwatinsa na jami'a, wa'adi zai iya wucewa wasiƙar tana kan teburinsa, takardun ɗalibin kuma su zama ba su cika ba.

Na uku shi ne jin nauyi. Malamin da bai tuna ɗalibi ba, ko bai gamsu da aikinsa ba, yakan ji kunyar cewa a'a, sai ya rubuta layi biyar na gama-gari. Wannan ya fi ƙi cutarwa, domin ɗalibin ya rasa gurbin shaida ɗaya bai sani ba. Gara a ce masa tun da wuri, "Ban san aikinka sanin da zan taimake ka ba, ka nemi wanda ya duba kundinka."

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa wasiƙar shaida tana da ayyuka huɗu: ta kafa matsayin mai shaida, ta fassara maki zuwa ma'aunin da baƙo zai gane, ta kawo aiki guda da aka gani, ta kuma ɗaure giɓin ɗalibi da abin da shirin yake bayarwa. Akwai gwaji mai sauƙi kafin a sa hannu: a cire sunan ɗalibar a sa na wani ɗan ajinsu. Idan wasiƙar ta ci gaba da zama gaskiya, to ba a rubuta ta ba tukuna.