Ƙafafun da Ke Hana Barci: A Duba Sinadarin Ƙarfe Tukuna

Akwai ciwon da mai shi ke rasa yadda zai bayyana shi. Da ya kwanta bayan sallar isha'i sai ya ji wani abu na yawo can cikin sha-raɓarsa, wasu kan ce kiyashi ne ke bin su, sai lallai ya motsa ƙafar. In ya tashi ya zaga tsakar gida abin ya lafa, in ya koma shimfiɗa ya dawo, ba ya saki sai wajen asuba. Da wannan ake rarrabe shi da ɗaurewar jijiya, wadda ke ƙulle tsoka da zafi na ɗan lokaci, da kuma raɗaɗin tafin ƙafa na mai ciwon sukari, wanda tafiya ba ta kashe shi.

Likitan Ingila Thomas Willis ya kwatanta shi tun 1672, kuma Karl-Axel Ekbom na Suwidin ne ya raɗa masa suna a 1945. Ko da yake a ƙafa ake jin sa, tushensa na cikin ƙwaƙwalwa. Tana bukatar sinadarin ƙarfe wajen sarrafa dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki, kuma aikinsa kan yi ƙasa da dare. Gado ma yana da hannu, haka ciwon ƙoda.

A wuri irin Sandamu, mata ne kan gaba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A ɗauki misalin uwa mai goyo wadda ta yi haihuwar kunika, abincinta tuwon gero ne da fura, nama sai jefi-jefi. Kowane ciki ya ɗebi rabonsa, ba a mayar ba. Ta je asibiti, aka auna yawan jininta aka ce da sauƙi, amma ƙafa ba ta bar ta ta runtsa ba.

A nan ake yawan kuskure. Gwajin yawan jini abin da ke cikin tukunya yake nunawa, feritin kuwa shi ke leƙa rumbu, kuma rumbu kan ƙare alhali tukunya na kan wuta. Don haka feritin za ta nema, ko da sai an tura ta Daura ko Katsina. Ga mai wannan ciwo, likitoci kan ba da ƙarin ƙarfe in feritin bai wuce 75 ba, adadin da a wurin wani za a ce lafiya lau. Sai dai kada a auna tana cikin zazzaɓin cizon sauro, domin zazzaɓi na ɗaga feritin ya ɓoye gaskiyar lamarin.

In an tabbatar, ƙwayar ƙarin jini irin wadda ake ba masu zuwa awo ce magani, mai kimanin miligiram 65 na ƙarfe. Guda ɗaya a rana ta isa, ko rana bisa rana in tana damun ciki. A sha da ruwan lemo ba a kan abinci ba, a nisanta ta da shayi da nono da awa biyu, don suna hana ta shiga jiki. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Sauƙi kan ɗauki makonni, a sake gwaji bayan wata uku. Mai sikila kada ya sha sai da izinin likita, tunda ƙarfe na iya yi masa yawa. Namiji ko dattijuwa da aka samu da ƙarancinsa kuwa, dole a nemo inda jini ke zurarewa, ko gyambon ciki ne, ko tsutsar ciki, ko tsargiya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin nan na kemis, firitin. Wanda ya kasa barci yakan aika kemis a sayo masa, alhali shi da wasu magungunan mura da na amai suna ƙara tayar da ƙafar. Goro da shayin dare su ma haka, kuma wanda ya saba zama teburin mai shayi har goma ba zai so jin wannan ba. Gara a tsayar da su tun la'asar, a riƙa kwanciya da tashi a lokaci guda, a gasa ƙafa da ruwan ɗumi a murza ta kafin a hau gado. Hanta, kifi, wake da zogale suna taimakawa wajen ƙara ƙarfe, musamman in an matsa lemon tsami.

Mai ciki da abin ya kama a watannin ƙarshe, yawanci yakan sake ta cikin makonni bayan haihuwa, amma ta faɗa wa ma'aikaciyar awo tun yanzu, kada ta sha wani magani da kanta.