Wasiƙar Tuni ta Biyu ga Wanda Ake Bi Bashi

Wasiƙar tuni ta farko takan ɗauka cewa mantuwa ce ta jawo jinkiri. Ta biyu ba ta da wannan mafaka, domin an riga an tuna, kuma an ji shiru. Aikinta shi ne ta tsayar da bashin a fili, ba tare da ta yanke hukunci kan niyyar wanda ake bi ba.

A ƙaddara wani manomi a Aliero ya ba ɗan kasuwar Jega buhun albasa 40 bashi, kowanne naira 30,000, a gaban wani dillali ɗan Maiyama. An biya 700,000, saura 500,000. Bayan gaisuwa, sai ya rubuta:

“Ranka ya daɗe, wannan ƙarin tuni ne kan takardata ta 17 ga Afrilu. Na karɓi naira 700,000 daga kuɗin albasar da kuka ɗauka ranar 10 ga Maris a gaban dillalinmu, na kuma gode. Cikon naira 500,000 da ke wurinku, wanda muka yi alkawarinsa 10 ga Afrilu, bai iso ba har yau. Ina roƙon ku aiko da shi kafin 16 ga Mayu. Idan akwai abin da ya tsare, ku sanar da ni cikin makon nan mu tsara yadda za a biya.”

Ƙashin bayan wasiƙar shi ne jimlar “cikon bai iso ba”. Da an ce “kun ƙi biya”, an yi zargi, tun da aikatau “ƙi” yana nuna ganganci. “Kun kasa biya” kuwa gori ne, domin ya jefa wa mutum talauci. Da aka mayar da kuɗin ya zama aikau, sai maganar ta tsaya kan abin da kowa zai iya tabbatarwa. Sai dai wannan dabara tana da iyaka. Ɗalibai da yawa sukan fake da wakilin suna “a” ko “an” tun daga farko har ƙarshe, su ce “ba a biya ba, ana fata a biya”, har mai karatu ya rasa wa ake nufi. Shi ya sa aka kafa “da ke wurinku” da “ku aiko”: “ku” na girmamawa ne, amma ya nuna mai nauyin.

Haka nan a guji “in kun sami hali”. Lafazi ne mai daɗin ji, amma ya mayar da wajibi ganin dama, ya kuma share wa'adi. Jimlar ƙarshe ta misalin ta buɗe ƙofar tattauna hanyar biya kawai, ba ta taɓa adadin ba. Shi ma dillali an ambace shi ne a matsayin shaida. Batun kai ƙara gare shi, ko wurin sarkin kasuwa, sai a wasiƙa ta uku.